Ƙuri'ar Wakilci a Littafin Taro: Wa Ya Jefa, a Madadin Wa?

Jawabi ga hakimai da magatakardansu na ƙasashen Bebeji, da Ƙiru, da Tudun Wada, da Doguwa



Abin da za a yi magana a kansa shi ne yadda za a rubuta ƙuri'ar mutumin da bai zo taro ba, amma ya wakilta wani ya jefa masa. A ƙasar nan ba a rasa dalilin da zai hana mutum zuwa taro. Wanda zai taso daga duwatsun Riruwai ya ratsa dajin Falgore ya san tafiya ce ta gaske. Da damina rafi yakan kawo ya raba ƙauye da gari yini guda. Da kaka manoman shinkafa na Tudun Wada ba su da sukuni, masunta na Tiga kuwa ruwa ne yake tsara musu lokaci. Saboda haka aiko wakili ya zama ruwan dare, kuma ba aibi ba ne. Aibin yana ga littafin taro, watau abin da ma'aikata ke kira minit, idan ya ce, "An jefa ƙuri'a, bakwai sun yarda, biyar sun ƙi," ya yi shiru, bai faɗi cewa uku daga cikin ƙuri'un nan masu su ba sa cikin zauren ba.

Ma'aunin littafi nagari ɗaya ne: baƙon da bai halarci taron ba, ya ɗauki littafin bayan shekara goma, ya iya sake ƙidayar da kansa ta fito daidai. Littattafan gunduma sun fi masu rubuta su tsawon rai, kuma sukan sake hannu. Majalisun gunduma sun yi aiki ƙarƙashin Dokar En'e ta 1954. A 1976 aka yi gyaran da ya kafa ƙananan hukumomi. A 2019 aka rarraba masarautar Kano, a 2024 aka soke dokar da ta rarraba ta. Kowane sauyi yakan kawo sababbin idanu a kan tsofaffin takardu, masu idanun kuwa ba su san wanda ya zauna kusa da wane ba a ranar taro. Abin da aka rubuta kaɗai suke da shi.

Wakili iri biyu ne

Tushen yawancin rikici shi ne kalmar "wakili" kanta, gama tana ɗauke da ma'ana biyu. Akwai wakilin kunne: dagaci ya aiko ƙanensa ko yaronsa ya kawo gaisuwa da uzuri, ya saurara, ya koma ya ba da labari. Wannan ɗan aike ne, ba shi da ƙuri'a. Akwai kuma wakilin ƙuri'a, wanda aka danƙa wa ikon ya ce "na yarda" ko "ban yarda ba" da sunan mai kujera, maganarsa kuma ta hau kan wanda ya aiko shi. Idan magatakarda ya rubuta "Dagaci ya aiko wakili" ya tsaya nan, to, bai bambanta su ba, mai karatu kuma ba shi da hanyar da zai bambanta.

Malamai sun san wannan babi tun daga littattafan fiƙihu, domin Muhtasar na Halilu yana da babin wakalci. Akwai muwakkili, watau mai wakiltawa, akwai wakili, akwai kuma abin da aka yi wakilcin a kansa. Akwai wakilin da aka sakar wa al'amari, akwai wanda aka keɓance shi ga abu guda, ba ya ƙetare shi. Muwakkili yana da ikon sauke wakilinsa. Wakili kuwa, bisa asali, ba ya wakilta wani a kan abin da aka wakilta shi sai da izini. Wajen ɗaurin aure ma ba a ɗaurawa sai an bayyana wa jama'a cewa wane ne waliyyin amarya, wane ne kuma wakilin ango, shaidu suna ji. Abin da ake nema ga littafin taro bai wuce wannan ba: a bayyana wanda ya tsaya, da wanda aka tsaya dominsa, da iyakar abin da aka ba shi.

Tambayar farko: an halatta?

Kafin magatakarda ya rubuta ƙuri'ar wakilci ko ɗaya, tilas ne ya duba dokar da ta kafa taron, domin ba kowane taro ne ya yarda da ita ba. A zaɓen ƙasa ba wanda ke jefa wa wani ƙuri'a. Kowa da ƙafarsa yake zuwa. Tsarin Mulki na 1999 ya ce a Majalisar Tarayya da majalisun dokoki na jihohi ana yanke magana ne da rinjayen membobin da suke nan suka kuma jefa ƙuri'a. Kamfani mai hannun jari kuwa dabam ne. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mai hannun jari ikon naɗa wani, ko da ba memba ba ne, ya halarci babban taro ya jefa ƙuri'a a madadinsa; ta kuma hana kamfani ya tilasta a kawo takardar wakilci fiye da awa 48 kafin taro. Kwamitocin gunduma, da jam'iyyun gama kai, da ƙungiyoyin raya gari, da kwamitocin kasuwa da na makaranta, kowanne yana bin abin da ke rubuce a dokokinsa.

Inda dokokin suka yi shiru, hanya mafi aminci ita ce a ɗauki wanda aka aiko a matsayin wakilin kunne, a rubuta shi haka, kāna a kawo maganar gaban taro a tsai da doka domin gaba. Ba daidai ba ne a ƙirƙiro izini ranar da ƙuri'a ta yi zafi, gama duk wanda aka kayar zai ce an ƙirƙiro shi ne dominsa.

Abin da manyan majalisu suka koya

Ba ƙasar Kano kaɗai ta gamu da wannan al'amari ba. Majalisar masu sarauta ta Ingila ta daɗe tana karɓar ƙuri'ar wakilci. A 1626 ta ƙayyade cewa kada mutum guda ya riƙe fiye da biyu, domin an ga babba guda ya tara ƙuri'u masu yawa a hannunsa. A 1868 ta daina al'adar ɗungum. Majalisar Wakilai ta Ingila ta soma gwada ta a watan Janairu na 2019 domin membobin da aka yi wa haihuwa. Ranar 29 ga watan Vicky Foxcroft ta jefa ƙuri'a a madadin Tulip Siddiq, wadda ta haihu, littafin majalisar kuma ya nuna sunan mai ƙuri'a tare da sunan wadda ta jefa mata.

Majalisar Wakilai ta Amirka ta halatta ta a watan Mayu na 2020 saboda annobar korona, da sharuɗɗa: mai wakiltawa ya rubuta wa akawun majalisa takarda, ya ba wakilinsa umarni takamaimai a kan kowace ƙuri'a, wakili ya miƙe ya faɗi sunan wanda yake jefa wa da abin da ya zaɓa, kada kuma mutum guda ya riƙe fiye da goma. A watan Janairu na 2023 aka soke tsarin. Darasin da ke cikin waɗannan duka guda ne. Ko an ƙuntata ko an faɗaɗa, ba majalisar da ta bar ƙuri'ar wakilci ta ɓace cikin jimla ba suna.

Takardar wakilci

Saƙon baki ba ya ɗaukar ƙuri'a, ko da mai kawo shi amintacce ne, domin ba a iya liƙa shi a littafi. Takarda ake bukata, da boko ko da ajami, kuma abu biyar za ta ƙunsa: sunan muwakkili da kujerar da yake kai, cikakken sunan wakili, ranar taron da aka yi ta dominsa, ko an sakar wa wakili ya zaɓa da kansa ko an ɗaure shi da umarni, in kuwa an ɗaure shi, a kan wace magana ta ajanda kuma ta wane gefe, sa'an nan sa hannu da kwanan wata. Wanda ba ya rubutu ya dangwala yatsa gaban shaida, shaidan kuma kada ya zama shi ne wakilin.

Idan saƙon ya zo ta wayar hannu, kuma dokokin taron sun yarda da haka, magatakarda ya kwafe shi kalma da kalma a takarda, ya sa lambar da ya fito da lokacin da ya iso, shugaba ya sa hannu. Waya takan ɓace ko ta lalace, littafi kuwa yana nan.

Magatakarda ya karɓi takardun kafin a buɗe taro, ya ba kowace lamba: W1, W2, W3. Da an yi addu'ar buɗewa shugaba ya sa a karanta su a fili, ya tambaya ko akwai mai ja. Wannan shi ne lokacin gardama. Gardamar da aka yi kafin a san inda ƙuri'a za ta faɗi gardama ce a kan takarda. Wadda aka yi bayan an ƙidaya kuwa ta zama ta neman juya sakamako.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauka, bisa misali, akwai kwamitin raya gunduma mai membobi 15. Dokokinsa sun ce taro ba ya ƙulluwa sai membobi 8 sun zo da kansu. Hakimi shi ne shugaba, ba ya jefa ƙuri'a sai an yi kunnen doki. An yarda da wakilci a rubuce, mutum guda kada ya riƙe fiye da ɗaya. Magana ta uku a ajanda ita ce a faɗaɗa kasuwa ta gabas, inda take maƙwabtaka da burtali.

Ran taro membobi 10 suka zo, har da hakimi. Biyar ba su zo ba. Arɗo ya tafi da shanu, ya bar wa Liman takarda cewa ya ƙi masa magana ta uku. Hedimasta yana Kano wajen wani aiki, ya bar wa Sarkin Noma takarda cewa ya yardar masa da ita kamar yadda take a ajanda. Dagacin Kudu ruwa ya tare shi, ƙanensa da ya kwana a gari yana riƙe da takardar da ta sakar masa zaɓi. Sarkin Pawa ya aiko yaronsa da saƙon baki. Shugabar mata ta aiko uzuri kurum. Aka tafka muhawara, aka ɗaga hannu, magana ta wuce da bakwai a kan biyar.

Magatakarda mai gaggawa zai ƙirga kawunan da ke zaune, ya sami membobi goma da ƙanen dagaci da yaron Sarkin Pawa, ya rubuta: "Masu halarta 12. Magana ta uku: 7 sun yarda, 5 sun ƙi." Lissafin ya yi kama da daidai, gama bakwai da biyar sha biyu ne. Amma dacewa ce kawai. Duk wanda ya karanta zai zaci mutum sha biyun nan su ne suka jefa ƙuri'a sha biyun, watau hakimi ya jefa, yaron Sarkin Pawa ma ya jefa, alhali kuwa ko ɗayansu bai jefa ba. Ba kuma abin da ya nuna cewa Arɗo da Hedimasta suna da murya a cikin taron.

Bayan wata biyu Arɗo ya dawo ya tarar an kafa turaku a gefen burtali. Aka gaya masa an ga Liman ya ɗaga hannu tare da masu yarda. Gaskiya ne, ya ɗaga, domin ra'ayinsa ke nan. Ya kuma sake ɗagawa tare da masu ƙi, domin amanar Arɗo. Amma littafi bai faɗa ba. Sai zargi ya hau kan mutumin da ya cika amana, aka kai ƙara gaba, aka aiko a kawo littafi, littafin kuma ba shi da amsa. Ƙarshenta a sake taro, a tsai da aikin kasuwa, zumuncin shekaru kuma ya sami tabo.

Ga yadda ya kamata a rubuta tun farko. A wajen halarta a yi kashi huɗu, kowane da sunaye:

Membobin da suka zo da kansu: 10, har da shugaba. Taro ya ƙullu.

Membobin da aka wakilta da takarda: 3.
W1. Arɗo. Wakilinsa: Liman, memba. Umarni: ya ƙi magana ta uku.
W2. Hedimasta. Wakilinsa: Sarkin Noma, memba. Umarni: ya yarda da magana ta uku kamar yadda take a ajanda.
W3. Dagacin Kudu. Wakilinsa: ƙanensa, ba memba ba. An sakar masa zaɓi.

Membobin da ba su zo ba, ba su kuma wakilta kowa a ƙuri'a ba: 2, Sarkin Pawa da shugabar mata.

Masu sauraro, ba su da ƙuri'a: 1, ɗan aiken Sarkin Pawa.

A wajen ƙuri'a kuma a rubuta:

Magana ta uku. Sun yarda: 7. Da kansu 5, ga sunayensu, har da Liman da Sarkin Noma. Ta wakilci 2: Hedimasta ta hannun Sarkin Noma (W2), Dagacin Kudu ta hannun ƙanensa (W3).
Sun ƙi: 5. Da kansu 4, ga sunayensu. Ta wakilci 1: Arɗo ta hannun Liman (W1).
Shugaba bai jefa ba. Magana ta wuce.

A lura da tsarin kalmomin. Sunan mai ƙuri'a ne ke gaba, sunan wanda ya jefa yana biye: "Arɗo ta hannun Liman." Ba a rubuta "Liman, ƙuri'a biyu," domin Liman ba shi da biyu, ɗaya ce tasa, ɗayar ajiya ce. Sunan Liman ya fito sau biyu a shafin, a gefe biyu masu saɓani, kuma hakan shi ne shaidar da ta wanke shi.

Gwajin lissafi

Kafin magatakarda ya rufe shafi, akwai gwaji mai sauƙi da zai yi. Ya tara ƙuri'un da aka jefa da kai, da waɗanda aka jefa ta wakilci, da waɗanda suke nan amma ba su jefa ba, da waɗanda ba su zo ba ba su wakilta ba. Jimlar lalle ta yi daidai da yawan membobi. A misalin nan 9 da 3 da 1 da 2 sun ba da 15. In jimlar ta haura, an ƙirga wani sau biyu, ko kuwa mai sauraro ya ɗaga hannu cikin jama'a an lissafa da shi. In ta gaza, akwai takardar da aka karɓa ba a jefa ƙuri'arta ba, sai a bincika a rubuta dalili.

Rubutun nan yana nuna wani abu kuma da jimla take ɓoyewa. Waɗanda suka zauna suka ji muhawara sun rabu biyar da huɗu ne kawai. Da za a tarar daga baya cewa W2 da W3 ba su inganta ba, sai sakamako ya koma biyar da biyar, magana ta dawo hannun shugaba. Da W1 ce ta faɗi, sakamako ya zama bakwai da huɗu, hukunci bai canja ba, ba kuma bukatar sake taro. Mai bincike yana iya gane wannan cikin minti biyu idan an jera sunaye. Idan ba a jera ba, ɓacin takarda guda yakan jefa shakka a kan ƙuri'ar gaba ɗaya, domin ba a san gefen da ta faɗa ba.

Domin ƙidaya ta yi sauƙi, kada a bar mutum ya ɗaga hannu biyu a lokaci guda. A fara ƙirga na membobin da ke zaune, a rubuta. Sa'an nan magatakarda ya kira takardun ɗaya bayan ɗaya: "W1, Arɗo." Liman ya amsa da ƙarfi, "Arɗo ya ƙi." A rubuta, a wuce ta gaba.

Wurare huɗu da ake tuntuɓe

Na farko shi ne gyaran magana. A ce ana cikin muhawara wani ya kawo shawara a faɗaɗa kasuwar ta yamma maimakon gabas. Takardar Hedimasta ta ce ya yarda da maganar kamar yadda take a ajanda, takardar Arɗo kuma ta ƙi faɗaɗawa ta gabas. Ba ɗayarsu da ta san zancen yamma. Sarkin Noma da Liman ba su da ikon yin kintace a kan abin da masu su za su so. Sai a rubuta: "W1 da W2 ba a jefa su a kan gyaran ba, domin umarninsu bai kai nan ba." Ƙanen dagaci kuwa yana iya jefawa, tun da an sakar masa.

Na biyu shi ne isowar mai kujera. Idan ruwa ya janye Dagacin Kudu ya iso ana tsakiyar taro, wakilcin ƙanensa ya ƙare daga lokacin da ya zauna. Magatakarda ya rubuta lokacin da kuma maganar da ake kai: "Ƙarfe 12 da kwata, bayan an gama magana ta uku, Dagacin Kudu ya iso, W3 ta ƙare." Abin da aka jefa kafin nan yana nan daram, abin da ya biyo baya na dagaci ne da bakinsa. Haka kuma idan wakili ya tashi kafin a watse, ba ya miƙa takardar ga na kusa da shi. A rubuta lokacin fitarsa, ƙuri'ar kuma ta kwanta.

Na uku shi ne adadin da taro ke ƙulluwa da shi. Ba a cika shi da takardu sai in dokokin taron sun faɗi haka ƙarara. Mutum huɗu da takarda biyar ba su zama taron mutum tara ba inda doka ta ce "da kansu". Wannan ne ya sa ake raba masu halarta kashi kashi, a kuma rubuta cewa taro ya ƙullu a ƙarƙashin kashi na farko.

Na huɗu shi ne tara takardu a hannu guda. Idan littafi ya nuna wata bayan wata cewa mutum ɗaya ne ke riƙe da ƙuri'ar mutum uku ko huɗu, ko kuwa wata kujera ta shekara ba a ga mai ita ba sai wakilinsa, to, hakimi ya sami abin dubawa. Watakila ranar taron ce ta faɗa a ranar kasuwar wani yanki. Watakila wurin ne ya yi wa mutanen nesa wuya. Watakila kuma wani ne yake gina rinjaye a ɓoye. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, wakilci kuwa an yi shi ne domin larura. Ba a ganin ya wuce gona da iri sai an jera shi da suna.

Idan ƙuri'ar asiri ce ta takarda a akwati, ba a rubuta gefen da kowa ya zaɓa. Duk da haka a rubuta wanda aka ba takardar ƙuri'a fiye da ɗaya da sunan wanda ya karɓa dominsa, yawan takardun da aka fitar kuma ya yi daidai da waɗanda aka samu a akwati.

Bayan an tashi

Takardun wakilci ba a mayar wa masu su, ba a kuma bar su a aljihun riga. A liƙa su a bayan shafin ranar, ko a sa su a fayil guda da lambobinsu, har da wadda aka ƙi karɓa, a rubuta dalilin ƙin a jikinta. Cikin mako guda a sanar da kowane muwakkili yadda aka jefa ƙuri'arsa. A taro na gaba, lokacin da ake karanta littafi, a karanta layukan wakilci a hankali gaban masu su, domin wannan ita ce damarsu ta cewa an yi daidai ko an kauce. In akwai gyara, a ja layi guda a kan kuskuren yadda za a iya karanta shi, a rubuta daidai a sama, shugaba ya sa hannu a gefe. Ba a kankarewa, ba a yage shafi.

Sa hannun shugaba a ƙarshen shafi ba ado ba ne. A dokar kamfanoni littafin taron da shugaba ya sa wa hannu hujja ne a kan abin da ya gudana har sai an kawo abin da ya rushe shi, kuma haka masu bincike suke ɗaukar littafin kowane kwamiti. Saboda haka ya kamata hakimi, kafin ya ɗora alƙalami, ya yi wa magatakardansa tambaya uku: Takarda nawa aka karɓa? Kowace tana da layinta, da sunan mai ita da na wanda ya jefa? Jimla ta yi daidai da yawan membobi? In amsoshin sun gamsar, ya sa hannu. In ba su gamsar ba, a gyara tun waɗanda suka halarta ba su manta ba.

Allah ya ba shugabanni ikon riƙe amana, ya zaunar da ƙasa lafiya. Amin.